Kakin da Na Zaɓa wa Yaya

Mu mutanen wando mai zariya ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin wani namiji a gidanmu ya san inci nawa ne ƙugunsa ba. Ka je wurin tela ya auna tsayinka, ya auna hannu da wuya, ya yanka maka wandon da zai ɗauke ka har da maƙwabcinka, sauran aikin na zariya ne. Ka ƙoshi ka sassauta, ka rame ka ƙara ja, kaftani ya sauko ya rufe. Da wannan suturar Yayana ya yi wata biyar a gidana a Ƙaura, kuma ko ni da muke cin tuwo kwano ɗaya ban san iyakar abin da daji ya ci a jikinsa ba.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne na huɗu. Ni aka kai boko, shi ya tsaya a gona a ƙauyenmu, gaba kaɗan da Badarawa. Ƙato ne, irin mutanen da in sun shigo zaure sai sun karkata kafaɗa. A gonar nan 'yan bindiga suka ɗauke shi yana tsakiyar yankan gero, suka riƙe shi har tsakiyar hunturu. Ba zan ba da labarin wannan ba, don shi ma bai taɓa ba mu ba. Da Allah ya kuɓutar da shi na ɗauko shi da matarsa da 'ya'yansa na kawo su wurina, na kuma rantse a raina cewa ba zai sake taka gonar nan ba. To amma mutum irin Yaya ba ya zama a ciyar da shi. Kullum da safe sai ya fito ƙofar gida ya zauna yana kallon sama ta wajen arewa, in hadari ya taso sai ka ga yana murza tafin hannu.

Shagon kwamfuta nake da shi. Ina buga wa ɗalibai takardu, ina cika wa mutane fom, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin kaina a wannan sana'a. Ta nan na ji cewa wani kamfani na ɗaukar masu gadi don wani babban sito na hatsi da taki a bakin gari. Aiki ne na cikin gari, akwai katanga, akwai albashi. Na yi ta safa da marwa har sunan Yaya ya shiga cikin waɗanda aka ɗauka. Aka ce saura abu ɗaya: kowa ya cika fom ɗin kaki. Daga Legas za a ɗinko, riga shuɗiya mai haske da wando baƙi, a leda ɗaya, kuma harafi ɗaya kowa zai zaɓa. Ranar da kayan suka iso za a yi fareti, wanda ya tsaya cikin kakinsa daidai ya kama aiki.

A ƙasan fom ɗin akwai jadawalin awo. Kowane harafi da gidansa, a ƙarƙashinsa an rubuta awon ƙirji da na ƙugu. Gidan M, ƙirji talatin da takwas zuwa arba'in, ƙugu talatin da biyu zuwa da huɗu. Gidan L, ƙirji arba'in da ɗaya zuwa da uku, ƙugu talatin da biyar zuwa da bakwai. Gidan XL, ƙirji arba'in da huɗu zuwa da shida, ƙugu talatin da takwas zuwa arba'in. Da ƙananan baƙaƙe an ƙara cewa awon jiki ne, ba na riga ba. Na buga shi a takarda, na ja Yaya muka tafi wurin telana.

Telan dattijo ne, mutumin Zurmi, shi ma rashin zaman lafiya ya koro shi Ƙaura da kekensa. Ba ya yawan magana, kuma in ya yi ba ya sa mata sukari. Ya sa na karanta masa takardar sau biyu, sannan ya ce wa Yaya ya tuɓe kaftani. Yaya ya dube ni, ya dubi ƙofa. Na saki labule.

Ranar na ga yayana. Kafaɗun na nan yadda na san su, allon ƙirjin na nan da faɗinsa, don yunwa ba ta rage ƙashi. Amma daga haƙarƙari zuwa ƙasa babu kowa. Zariyar ya naɗa ta sau biyu kafin ya ɗaure, wandon ya tattare a ƙugunsa kamar bakin buhu. Na kawar da kai na shiga duba wayata, alhali ba wanda ya kira ni.

Tela ya zagaya tef ta ƙarƙashin hammata, ya daidaita shi a baya, ya ce Yaya ya sauke hannu ya yi numfashi yadda ya saba. Arba'in da biyar. Ya sauko ƙugu, inda wando ke zama. Talatin da uku. Na ɗora yatsa a takarda: ƙirji ya faɗa gidan XL, ƙugu ya faɗa gidan M. Gida guda cur a tsakaninsu, kuma fom harafi ɗaya yake so.

"Ɗauki babba," in ji tela, yana naɗe tef ɗinsa. "Wanga aiki ƙirji aka bi. In riga ta zauna ga kahwaɗa da ƙirji, sauran nawa ne. In rage cikin rigar ta gehe biyu, wandon in kwance ƙugun in rage ta baya da gehe, in maida. Aikin yini guda ne. Amma abin da anka yanke can Legas, ban iya maido shi nan."

Na ce, "Baba, ai ku teloli kun saba sa yatsu ƙarƙashin tef. Arba'in da biyar ɗin nan ƙila arba'in da uku ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ka karanta mani awon jiki sunka ce. Ban sa yatsa ko ɗaya ba. Su can sun san sakin da za su ƙara."

Muka kama hanyar gida har muka kusa kwanar unguwarmu. Sannan Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ƙanena, kai ka san boko, kai za ka zaɓa. Amma don Allah kada ka sa ni cikin buhu gaban mutane. Kowa ya gan ni shi ce ga wanda anka sako daga daji." Na ce masa ya bar komai a hannuna.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Dillalin shanu ne a karar Shinkafi, kuma duk ranar Alhamis in ba makaranta ina biye da shi. Abin da aka san shi da shi ke nan: in mai saye ya kafe a ƙasa, mai sayarwa ya kafe a sama, sai ya kama hannun wannan ya kama na wancan ya ce a raba a tsakiya, kowa ya sha ɗan zafi, a yi albarka. Na ga Fulani da mahauta sun rabu suna dariya ta wannan hanya ba sau ɗaya ba. Na taso ina ganin babu gardamar da tsakiya ba ta kashewa, kuma da haka nake sasanta ɗalibai a shago, da haka nake sasanta rigimar gida. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko akwai abin da ba a raba shi ba.

Washegari da hantsi na zauna gaban kwamfuta na buɗe fom ɗin. Ga M, ga XL, ga L zaune a tsakiya yana kallona. Na ce a raina, ƙirji ya sauko kaɗan, ƙugu ya hau kaɗan, kowa ya sha ɗan zafi. Inci biyu ne fa kawai. Na tuna wandon XL, ƙugu kusan arba'in a jikin mai talatin da uku, na tuna maganar buhu. Na manta, ko in ce na ƙi tunawa, cewa tela ya riga ya ce zai rage, ba wanda zai taɓa ganin Yaya cikin buhun. Har wani daɗi na ji, irin na wanda ya gano abin da tsoho bai gano ba. Na danna L na tura. Da Yaya ya tambaye ni da rana na ce masa na zaɓi wanda zai yi masa daidai, ya ce Allah ya yi albarka.

Sati uku muna jira. A cikinsu Yaya ya canza. Ya fara fita da sassafe yana zagaya filin makaranta da sauri, wai kada a ga ya yi laushi. Matarsa ta dage da fura da nono, tana tsokanarsa wai sabon aure za ta yi, wannan karon da soja. Ya daina kallon arewa. Har ya aika wa wani ɗan baffanmu cewa ya noma gonar bana in yana so, shi ya samu aiki a birni.

Kayan suka iso ranar Asabar, fareti Litinin da safe. Na karɓo ledar da kaina na kai masa ɗaki. Ya ɗauki rigar, hannun dama ya shiga, na hagu sai da na taimaka masa ta baya. Ɗinkin kafaɗa, maimakon ya sauka a ƙarshen kafaɗa, ya tsaya can kusa da wuya. Maɓallan ƙasa suka rufu har da saura, rigar na lilo a cikinsa. Na uku daga sama ya rufu da ƙyar, na biyu ya ƙi. Da na matsa na rufe shi sai tsakanin maɓallan ya wage, singileti na leƙowa. Wandon kuwa, da ya sake shi sai ya zame zuwa kwatangwalo. Wato tsakiyar tawa ba ta gamsar da kowa ba: sama ta matse, ƙasa kuma ragin da nake gudu yana nan sai an yi shi.

Muka koma wurin tela da ledar a hammata. Ya juya rigar ya duba wuyanta inda harafin yake, ya ɗago ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan kallon. Ya juya cikinta waje ya nuna mini ɗinkin gefe. Kayan kamfani ba kamar ɗinkin gida ba ne, inda tela ke barin rara a ciki saboda gaba. Inji ya ɗinke ya datse bakin, abin da ya rage bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba.

Na ce a sa ƙyalle a ƙarƙashin hammata. Ya ce da wane yadi? Wando baƙi, riga shuɗiya. Na ce a yanko daga gindin rigar. Ya ce Yaya dogo ne, gindin da ƙyar yake shiga wando, in an yanka kullum tana waje. Na ce a nemo irin yadin a kasuwa. Ya ce in je in nemo, amma ko an samu, faɗin kafaɗa da ramin hannu an riga an yanke su, ƙyallen gefe ba ya gyara su. Duk da haka na zagaye 'yan yadi na Ƙaura kaf ranar Lahadi, shuɗi iri-iri, babu wanda ya yi kama. Abin da tela ya iya shi ne ya matso da maɓallan zuwa bakin riga, ya samo kamar rabin inci, ya rage wandon ya zauna daram. Wandon kam ya yi kyau, har ya ba ni haushi.

Litinin na rufe shago na bi Yaya. An jera waɗanda aka ɗauka a filin siton, mu 'yan rakiya muna bakin ƙofa, tare da wasu mutum shida da sunansu ke jerin jira, waɗanda aka ce su zo ko da wani zai faɗi. Yaya ya fi kowa tsayi a layin. Ya ja ciki, ya ɗan ranƙwafar da kafaɗu gaba don rigar ta saki, daga nesa ka ce lafiya lau. Shugaban masu gadin, wani gajere mai sanda a hammata, ya bi layi yana duba takalma da bel. Ya wuce Yaya bai tsaya ba, na ce a raina mun tsira.

Sai ya koma gaba ya ba da umarni a buɗe ƙirji, a miƙe hannu sama, a sara. Yaya ba ya yin abu rabi. Ya buɗe ƙirjin nan gaba ɗaya ya ɗaga hannu. Daga inda nake na ji ƙarar. Ɗinkin hammatar dama ya farke har zuwa haƙarƙari, maɓalli ɗaya ya yi tsalle ya faɗi gaban shugaban. Wani a layin ya yi dariya ya haɗiye ta.

Na kutsa ciki ina ba da haƙuri. Na ce, "Yallaɓai, kuskuren fom ne, a canza masa da XL." Shugaban bai yi fushi ba, kuma wannan ma ya ƙara mini ciwo. Ya ce kaya a ƙirge suka zo, kowane da mai shi, XL uku ne kuma ga su can a jikin masu su. Na duba, duka ukun masu tumbi ne, ba wanda zai shiga L. Ya ce ba ya tsayar da mutum a ƙofa ba kaki, kuma bai san ranar da za a sake yin odar wasu ba. Ya juya wajen masu jira ya ce wa ke sa L. Wani siriri ya ɗaga hannu tun kafin a rufe baki.

A bayan ɗakin masu gadi Yaya ya tuɓe. Ni na riƙe masa kaftanin da ya cire da muka iso, na sa a leda, don dama niyyata in ya kama aiki in mayar gida. Ya ninke rigar da ta yage da kyau, ya ɗora wandon a kai, ya miƙa wa siririn da hannu biyu ya ce Allah ya sa a fara a sa'a. Ko wandon da aka rage ya yi wa mutumin.

A hanya ya ce, "Jikin ga ne ya lalace. Sama wani mutum, ƙasa wani mutum. Ba rigar da za ta karɓe shi." Na bar shi ya ɗora wa jikinsa laifin har muka isa gida, kuma na bar shi da shi kwana tara. Na sha jin haushin mutane a rayuwata, na ji na kamfanin da ke ɗinka wa mutum riga bai taɓa ganinsa ba, na ji na waɗanda suka mayar da yayana haka. Amma ban taɓa jin ƙyamar wani kamar yadda na ji ta kaina a kwanakin nan ba.

Na nemi wani aikin, ban samu ba. Ruwa ya sauka sosai a satin. Rana ta goma da safe na fito na tarar ya ɗaure kayansa, ya ce matarsa da yara su zauna wurina tukuna, shi zai je ya ga gona, ɗan baffanmu bai taɓa ta ba. Na yi magiya, na yi faɗa, na ce ya ƙara mini wata ɗaya. Ya ce shuka ba ta jiran wata ɗaya.

Na raka shi tashar Shinkafi. Motar na cika, ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai na riƙe hannun rigarsa na ce, "Yaya, tela ya ce in ɗauki babba. Ni na ƙi. Ni na ɗauki na tsakiya."

Ya ce, "Na sani. Ina wurin sadda ya hwaɗi, ba kurma ni ke ba. Kuma na ga harahin ga wuyan riga." Ya ɗan yi murmushi. "Halin Baba ka ɗauko. Amma shi shanu yaka raba ma ciniki." Ya ɗaga gefen kaftani ya ƙara jan zariyarsa, ya shiga ya zauna. Ya leƙo ta taga ya ce in kula da yara, kada in bari ƙaramar ta riƙa fita ba takalmi.

Yanzu damina ta biyu ke nan yana can. In akwai sabis yakan kira ranar Juma'a bayan an sauko, in babu sai mu yi ta zama da waya a hannu, matarsa na shigowa tana fita ba ta tambaya. An taɓa yin sati uku ba mu ji shi ba. An ce an sake yin odar kaki bara, amma wurin ya riga ya cika.

Siton yana kan hanyata ta zuwa shago, ba yadda zan kauce masa. Siririn yana nan a ƙofa, mutumin kirki ne, kullum sai ya gaishe ni. Wurin telana ya kai rigar aka ɗinke masa, da zaren da ya fi yadin duhu kaɗan. In mota ta zo ya ɗaga hannu zai buɗe ƙofa, ina ganin ɗinkin a hammatarsa ta dama, daga nan har haƙarƙari. Rigar ta yi masa daidai. Nakan amsa gaisuwarsa, in wuce, in laluba aljihu in duba ko wayata na kunne.